Yaya yana neman lissafin shagon ɗinkina, ni kuma ledar rasit kawai gare ni

Assalamu alaikum Anti. Ni tela ce a Kano, ina ɗinkin mata. Yayana ne ya saya mini kekuna ya kuma biya hayar shago ta shekara, a kan za a riƙa raba riba uku, biyu nawa ɗaya nasa. Ba mu rubuta komai ba. Bayan ƙaramar Sallah ya ce in kawo masa lissafin riba da asara na watan Maris, don ya ga yadda muka kwana muna aiki cikin azumi. Anti, naira 620,000 ta shigo hannuna a watan, amma da na duba naira 5,000 ce ta rage. Da na faɗa masa sai ya yi shiru, tun ranar kuma gaisuwa kawai ke haɗa mu. Wallahi ban ci amanarsa ba, amma ni ma ban san inda kuɗin ya shiga ba. Na turo miki hotunan littafina, da rasit ɗin da na samu, da bayanin asusuna na banki. Ta ina zan fara?

Wata ƙanwarki daga Kano

Wa alaikumus salam ƙanwata. Na zauna da takardunki dare biyu, kuma bari in fara kwantar miki da hankali: shagonki ya ci riba a watan Maris, kuma kusan kowace naira na gano inda ta bi. Abin da ya rikita ki shi ne kin ɗauki kuɗin da ya shigo hannu a matsayin abin da shago ya samu, kin kuma ɗauki abin da ya rage a aljihu a matsayin riba. A sana'ar ɗinki waɗannan abubuwa sun yi nisa da juna fiye da yadda suke a kantin sayar da kaya, saboda tela na karɓar kuɗi kafin aiki, tana riƙe kuɗin mutane na sayen yadi, tana kuma sakin kaya kafin a cika mata.

Ina so kuma ki yi wa Yaya uzuri. Mutumin da ya zuba jarinsa, ya ga shago cike da mata har bayan tarawihi, sannan aka ce masa 5,000 ce ta rage, dole zuciyarsa ta yi saƙe-saƙe. Shirun da ya yi na fi ganinsa a matsayin kawaici, yana gudun ya faɗi maganar da za ta ɓata zumunci. Rantsuwa ba za ta cire masa abin da ke ransa ba, amma takarda guda da zai iya bi layi-layi za ta iya. Ita za mu haɗa yanzu.

Ki fara da kuɗin shiga, kuma ki haɗa shi daga wurare ukun da yake shigo miki. Littafinki ya nuna tsabar kuɗi 210,000, asusun banki ya nuna tiransifa 345,000, sai 65,000 da mai POS na kusa da ke ya karɓar miki. Su ne suka ba da 620,000 ɗin. A nan kin yi sa'a, domin a littafinki kina sa harafin "T" a gaban duk wadda ta biya ta banki, shi ya sa na iya tabbatar da cewa ba a ƙirga kuɗi ɗaya sau biyu ba. Teloli da yawa a nan suke zamewa: a rubuta biya a littafi, a sake ganinsa a alat, a haɗa duka biyun, sai ciniki ya kumbura a takarda alhali babu shi. Kada ki dogara da saƙonnin alat na waya, wani yakan ƙi shigowa wani kuma ya goge. Cikakken bayanin asusu na wata, irin wanda kika turo mini, shi ne abin dogaro.

Yanzu ki bi kuɗin nan ɗaya bayan ɗaya da tambaya guda: wannan ladan ɗinkin da na gama na miƙa a cikin Maris ne? Guda huɗu sun faɗi wannan tambaya. Akwai 50,000 da uwar adashinku ta turo miki ranar kwasarki. Wannan kuɗinki ne na kanki, ya biyo ta asusun da kike karɓar kuɗin shago ne kawai, kuma na ga kin fitar da shi washegari. Akwai 60,000 da wata Hajiya ta ba ki ki sayo mata leshi a Kantin Kwari. Saƙo ne, ya shigo ya fita, ba ciniki ba ne kuma ba kashewar shago ba ne, don haka ki cire shi daga ɓangarorin biyu. Da kin ɗora wani abu a kai, misali kin sayo a 55,000 kin ba ta a 60,000 da saninta, to 5,000 ɗin ce kawai za ta shiga lissafi. Akwai 30,000 da wasu suka biya na cikon ɗinkin da kika ba su tun Fabrairu, wannan cinikin Fabrairu ne ya makara a hanya.

Na huɗun shi ne wanda nake so ki fi riƙewa, wato kafin alƙalami. Kin karɓi 45,000 a kan kayan wata amarya da ankon ƙawayenta, waɗanda har ranar 31 ga Maris ba ki sa musu almakashi ba. Na san yadda ake ji, kuɗi ya shigo asusu, zuciya ta riga ta ƙirga shi. Amma har sai kin miƙa kayan, wannan kuɗi bashi ne a wuyanki. Idan aka ɗaga bikin ko aka fasa, za su zo neman abinsu, idan kuma ba a fasa ba, zare da shafi da ladan masu ɗinkin duk suna gabanki a Afrilu. Telan da ke cin kafin alƙalami tun kafin aiki ita ce kullum ke biyan aikin jiya da kuɗin aikin gobe, tana ganin ciniki na tafiya, sai ranar da kasuwa ta lafa ta ga ba ta da na sayen zif.

Idan kika cire huɗun nan, wato 185,000, saura 435,000. Sai kuma ki ƙara abubuwa biyu da ba su bayyana a kuɗin Maris ba amma aikin Maris ne. Kin miƙa kayan Sallah na 38,000 da ba a cika miki ba tukuna, kin kuma gama ɗinkin da kika karɓi kafin alƙalaminsa na 25,000 tun Fabrairu. Cinikin shagonki na gaskiya a watan ya tsaya a kan 498,000. Wannan shi ne layin farko na takardar.

Game da 38,000 ɗin nan, ki dube shi da idon basira. Ke kika san mutanenki. Idan a ciki akwai wadda ta saba ɗaukar kaya ta ɓace, ki bar kuɗinta a lissafi yanzu amma ki sa masa alama, ranar da kika haƙura da shi kuma ki rubuta shi a matsayin asara ta wannan watan da kika haƙura.

Mu koma kan kashewa. Ki juye ledar rasit ɗin a kan teburin yanka, ki kasa ta gida biyu. Kashi na farko shi ne abin da yake shiga jikin ɗinki, wanda yake ƙaruwa idan aiki ya ƙaru: zare, shafi, gam, zif, maɓalli, duwatsun ado, ladan masu ɗinki da kuɗin aikin da kike kaiwa waje. Kashi na biyu shi ne abin da shago ke ci don ya kasance a buɗe, ko an yi riga ɗari ko an yi goma. Amfanin rabawar shi ne ta nuna miki inda ciwo yake idan riba ta yi ƙasa. In kashi na farko ne ya yi nauyi, to farashinki ne ya yi araha ko ana ɓarnar kaya. In na biyu ne, to shagon ya fi ƙarfin aikin da ke shigowa.

Kayan aikin da kika saya a Maris sun kai 96,000. Amma ba duka aka cinye ba, kuma ba da hannu wofi kika shiga watan ba. Daga abin da kika rubuta, a farkon wata kina da ragowar kaya na kimanin 14,000, a ƙarshensa kuma na 22,000 na nan a kan kanta. Sai ki haɗa na farkon wata da wanda kika saya, ki cire na ƙarshe: 14,000 da 96,000 sun zama 110,000, a cire 22,000, abin da aka yi aiki da shi 88,000 ne. Ba sai kin ƙirga maɓalli ɗaya-ɗaya ba. Ki ƙirga ƙunshi da bandir da kwali, ki sa musu farashin da kika saye su, rabin sa'a ya ishe ki a daren ƙarshen wata. Teloli biyun da ke miki aiki a kan kowace riga kin biya su 130,000, mai aikin wuya da kike kai wa ya karɓi 35,000. Kashi na farko ya zama 253,000. A cire shi daga 498,000, saura 245,000. Wannan ita ce ɗanyar riba, kusan rabin ciniki ke nan, amma har yanzu ba ta kai a raba ba.

A kashi na biyu, fetur ɗin janareta ne ya fi komai ci, 42,000, abin da bai ba ni mamaki ba ga shagon da ke aikin dare. Katin wuta 9,000, abinci da kuɗin mota na 'yan koyo 18,000, gyaran keke da mai da allurai 6,500, zirga-zirgar kasuwa 5,000, katin waya da data 3,000, mai gadi da shara 3,000, cajin banki da na mai POS 2,500. Jimillarsu 89,000. Da yawa daga cikinsu ba su da rasit, daga 'yan rubuce-rubucenki na bayan littafi da fitar kuɗi a asusu na tattaro su. Inda babu takarda, ki rubuta adadin da kika fi amincewa da shi ki sa "kimanin" a gabansa, ya fi ki bar gurbin fanko, ya kuma fi ki nuna wa Yaya kamar kina da shaidar da ba ki da ita. Wasu rasit ɗin gidan mai da na POS har sun fara dushewa, haka takardarsu take, zafi da rana na goge rubutunta. Daga yau ki ɗauki hotonsu ranar da aka ba ki.

Akwai kashewa biyu da ba za ki taɓa samun rasit ɗinsu a Maris ba, saboda ba a watan aka biya su ba, kuma su ne nake so ki nuna wa Yaya kin tuna da su, domin kuɗinsa ne. Hayar shago 240,000 ce a shekara, kowane wata na cin 20,000 daga ciki. Kekunan da ya saya a kan 360,000 su ma suna tsufa da kowane ɗinki. Idan muka ƙaddara za su yi shekara biyar, wato wata 60, kowane wata na cin 6,000. Shekara biyar ɗin ƙiyasi ne, ku biyu za ku iya daidaitawa a kan wani adadi, muhimmin abu shi ne in an tsayar kada a riƙa canza shi wata-wata. Da waɗannan biyun kashi na biyu ya kai 115,000. A cire daga 245,000, tsantsar ribar Maris ta zama 130,000.

To ina 130,000 ɗin take, tunda 5,000 kika gani? Manyan amsoshin biyu ne, kuma duk suna cikin littafinki. Kin ɗebi 85,000 kaɗan-kaɗan, na cefanen buɗa-baki, takalman Sallar yara da abin da kika aika wa Inna. Ba laifi ba ne, amma ba kashewar shago ba ce, don haka ba ta da wuri a saman takarda. Wurinta ƙasa, bayan an fitar da riba, a rubuta "abin da na ɗiba". Sannan kin sayi keken wibin na hannu a kan 70,000. Shi ma ba za a ɗora wa Maris shi gaba ɗaya ba, kadara ce da za ta yi shekaru tana aiki, sai a riƙa cire tsufansa daga Afrilu kamar sauran kekunan. Idan kika haɗa 85,000 da 70,000 da 5,000 ɗin da ta rage, za ki ga 160,000, wato ta zarce ribar da 30,000. Wannan rarar ba daga sama ta faɗo ba. Kin taɓa 26,000 da ya kamata a ajiye na haya da tsufan kekuna, kin kuma taɓa 20,000 da kafin alƙalamin hannunki ya ƙaru da ita, daga 25,000 zuwa 45,000. A ɗaya gefen, 8,000 ta kwanta a ƙarin kayan kanta, wata 8,000 kuma a ƙarin bashin da kike bi. Ki haɗa 26,000 da 20,000 ki cire 16,000, ga 30,000 ɗinki cif. Ranar da lissafi ya haɗu haka, kin san ba ki bar komai a baya ba. In bai haɗu ba, yawanci wata ɗiba ce aka manta ko biya ɗaya aka ƙirga sau biyu.

Yanzu ga maganar da ba za ta yi miki daɗi sosai ba, amma ƙanwata ce ke, dole in faɗa. A yarjejeniyarku, kashi biyu cikin uku na 130,000 ya kama 86,667, na Yaya kuma 43,333. Abin da kika ɗiba bai wuce rabonki ba, ki gode wa Allah a kan haka. Sai dai nasa rabon ya shige cikin keken wibin, kuma ba ki shawarce shi kafin ki saya ba. Na gane dalilinki, kina ganin kuɗin da kike kashewa a kai wibin waje, kin kuma samu keken a farashi mai kyau. Duk da haka, kuɗin mutum ne aka juya ba da saninsa ba, kuma ya fi kyau ki fara faɗar haka da bakinki kafin ya gano da kansa.

Hanya biyu na gani. Ko dai ya yarda a ɗauki 43,333 ɗin a matsayin ƙarin jarinsa a shago, a rubuta haka, ko kuma ki ɗauke shi bashi ki biya shi cikin wata biyu ko uku, kina farawa da 38,000 ɗin da za ki karɓo. In da ni ce, zan bar masa zaɓi, amma zan je da wani abu a hannu ko da 15,000 ce daga cikon da ya fara shigowa. Mutumin da bai taɓa karɓar komai daga jarinsa ba, takarda kaɗai ba za ta gamsar da shi kamar takarda da ɗan abin da ya fito daga cikinta ba.

Wataƙila wata ƙawa ta ce miki ai ke ma kina ɗinki, ya kamata a cire miki albashi kafin a raba riba. Maganar na da tushe. Da za a cire miki 40,000, ribar za ta koma 90,000, rabonsa ya sauko 30,000. Amma ban ba ki shawarar ki shigo da wannan a lissafin Maris ba. Akwai alamar Yaya ya bar miki kashi biyu ne saboda ke ke aikin, kuma fito da albashi a ranar da ake cikin zargi zai yi kama da dabarar rage masa rabo. Idan kina ganin rabon bai biya wahalarki ba, ki bari sai kun wanke wannan, sannan ku tattauna na gaba. Tunda batu ne na haɗin jari da ƙwadago, ba laifi ku tambayi malamin da ya san hukuncin mu'amala ya duba muku tsarin, ku kuma rubuta shi da shaida ko da mutum ɗaya ne daga cikin gida.

Abu ɗaya kuma da shi Yaya yake buƙatar ya gani: Maris na 2025 watan azumi ne kusan gaba ɗayansa, kuma kin fi ni sanin cewa ba kowane wata ake irin wannan aiki ba. Bayan Sallah shago kan yi sanyi, alhali haya da tsufan kekuna da abincin 'yan koyo ba sa jira. Idan aka raba ribar watan Sallah kaf, watan da aka faɗi wa zai cike? Shi ya sa nake so ki yi irin wannan takarda ta Janairu da Fabrairu su ma, ko da da ƙiyasi mai yawa ne, ki ajiye su kusa da ta Maris. Ki kuma ba shi shawarar a riƙa fitar da lissafi duk wata amma a raba riba duk bayan wata uku, bayan an ware 26,000 ta kowane wata a wurin da hannu ba ya kaiwa da sauƙi.

Takardar kanta kada ta wuce shafi ɗaya. Sunan shago da watan a sama, sai ciniki 498,000, sai kayan aiki da lada da aikin waje kowanne a layinsa, sai ɗanyar riba 245,000 ki ja mata layi, sai sauran kashewar ɗaya bayan ɗaya, sai tsantsar riba 130,000 ki ja mata layi biyu. A ƙasa ki rubuta rabon kowa, abin da kika ɗiba, keken wibin, sunayen masu kafin alƙalamin da ba a yi wa aiki ba da waɗanda kike bi. Ki ɗaure rasit ɗin kowane layi da fil, ki jera su yadda layukan suke, domin duk lambar da ya nuna da yatsa ki iya zaro takardarta.

Don wata mai zuwa ya zo miki da sauƙi, ki buɗe asusu daban na shago, adashi da saƙon 'yan uwa su koma naki na kanki. A littafin ɗinki kuma ki ja gida biyar ga kowane aiki: farashi, kafin alƙalami, ciko, ranar miƙa kaya, da hanyar da aka biya. Gidan ranar miƙa kaya shi ne ya fi ba ni wahalar ganowa a littafinki, kuma shi ne yake faɗin watan da kowane ciniki ya faɗa.

Kada ki aika masa takardar ta waya. Ki je gidansa da yamma lokacin da ba shi da baƙi, ki gaishe shi yadda kika saba, ki ce, "Yaya, na kawo lissafin, kuma akwai inda na yi kuskure, ina so in fara nuna maka shi." Ki buɗe masa maganar keken wibin tukuna, sannan ku bi sauran layukan tare daga sama. Idan kun zauna, ki rubuto mini in ji wace hanya ya zaɓa a cikin biyun.